Yadda Ake Zuba Labari a Gida Huɗu: Shimfiɗa, Matsala, Mataki da Sakamako

Rahoton wani abu da ya faru yakan zo da ɗaya daga cikin siga biyu. Akwai sigar labari, wadda ke bin yadda mai bayarwa ya ji ko ya gani, ta fara daga inda ransa ya fi sosuwa, ta yi gaba ta dawo baya. Akwai kuma siga mai tsari, wadda ke raba al'amarin gida huɗu: shimfiɗa, wato halin da ake ciki kafin abin ya faru; matsala, wato abin da ya lalace; mataki, wato abin da aka yi a kai; sai sakamako, wato abin da ya canza bayan an yi. Ɗalibin Foliteknik ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda yakan ci karo da siga ta biyu idan ya zo rubuta rahoton koyon aiki. Haka ma matashin da ke aikin sa-kai a asibitin Shinkafi ko na Zurmi, da sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a Kasuwar Daji da aka ce ya rubuto yadda suka yi da wani rance. Wanda zai karanta takardar yawanci jami'i ne a Gusau ko Abuja, gabansa cike da takardu, kuma abin da yake nema shi ne ya yanke hukunci: a ƙara kuɗi, a tsaya, ko a kwaikwayi aikin a wani gari.

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu farawa shi ne su ɗauki labarin su yanka shi gida huɗu bisa tsawonsa, kashin farko su kira shi shimfiɗa, na ƙarshe sakamako. Wannan ba ya aiki, domin mai ba da labari ba ya jera maganarsa haka. Idan babbar mota ta sauke kaya ranar cin Kasuwar Daji, ba a ajiye su bisa wanda ya fara saukowa; hatsi ya tafi wajen masu hatsi, awaki su tafi kara, ko da tare suka hau motar. Haka ake yi wa jimlolin labari. Kowace jimla ana ɗaukarta ita kaɗai a tambaye ta aikin da take yi, sannan a kai ta gidanta, ko da a tsakiyar labarin aka same ta. Wasu jimlolin ma ba su da gida ko kaɗan, sai a ajiye su gefe.

Misalin da ya fi dacewa a gwada wannan aiki da shi, a jihar Zamfara, shi ne al'amarin gubar dalma na 2010, domin yana da farko da ƙarshe, kuma an auna shi an rubuta alƙalumansa. A bakin mutane, labarin yakan fito ne kamar haka. A wani lokaci yara suka dinga mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yaro ya fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai a rasa shi. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magani ba sauƙi. Sai likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jini suka aika waje, aka gano dalma ce. Ashe dutsen zinariya da ake kawowa gida a niƙa shi ne ke ɗauke da ita, don a lokacin zinariya ta yi tsada, kowa ya koma haƙa. Turawa suka zo suka kwashe ƙasar gidaje. Mutanen Bagega kuwa sun daɗe suna jira kafin a zo musu. Yara wajen 400 suka rasu. Daga baya gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a jihar. Yanzu dai abin ya yi sauƙi.

Babu ƙarya a wannan labari, amma jami'in da ya karanta shi ba zai iya cewa ga abin da ya yi aiki ba. Tsadar zinariya, wadda ita ce farkon al'amarin, ta fito a jimla ta huɗu. Adadin mamata ya zo bayan labarin gyara, alhali na matsala ne. Sakamakon kuwa gaba ɗaya kalma uku ce, ya yi sauƙi. Aikin mai rubutu ya fara ne da sa wa kowace jimla lamba da alƙalami, sannan ya rubuta harafi ɗaya a gefenta, gwargwadon gidan da za ta.

Ana so a fara da matsala, duk da cewa ita ce ta biyu a takarda. Dalili shi ne sauran gidaje uku duk a kanta suke dogara: ita ke nuna abin da ya cancanci shiga shimfiɗa, ita ke nuna ko matakin ya dace, kuma da ma'auninta ake auna sakamako. Matsala mai kyau tana amsa tambaya huɗu cikin jimla biyu ko uku: me ya lalace, wa ya shafa, yaya girmansa, kuma me ya jawo shi. A al'amarin dalma, akwai alƙaluman da suka amsa waɗannan. A watan Mayun 2010 wata tawaga da ta haɗa da hukumar CDC ta Amurka da jami'an lafiya na Nijeriya ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, Dareta a ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. Ta samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda da ta gabata, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Cikin yaran da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma da ta kai ko ta wuce maikurogiram 45 a kowace desilita, adadin da likitoci ke fara ba da maganin fitar da ita idan an kai shi. Wannan shi ne girman abin. Sanadinsa kuwa ƙurar dutse ce da ta zauna a tsakar gida da ɗakuna, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

A nan ne ake faɗa wa tarkon da ya fi kowane ɓarna, wato a rubuta matsala da sigar rashin wani abu da mai rubutu ya riga ya ƙudurta nema. Ɗalibi zai rubuta cewa matsalar ita ce rashin maganin dalma a asibitocin yankin. Jimlar gaskiya ce, amma ta riga ta rufe ƙofa. Idan matsalar rashin magani ce, to matakin shi ne a kawo magani, sakamakon kuma shi ne an kawo, shi ke nan rahoto ya kammala alhali yara na ci gaba da shaƙar ƙura. Abin da ya faru a zahiri ya nuna haɗarin wannan tunani: likitoci ba su ga amfanin ba yaro magani ya koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba ba, don haka sai da aka haɗa magani da share gidaje. Wanda ya rubuta matsala a matsayin yara na mutuwa saboda dalmar da ke cikin ƙasar gidajensu ya bar hanya a buɗe ga dukkan matakan da suka dace. Gwajin da matashi zai yi wa jimlarsa mai sauƙi ne. Idan ta fara da rashin kaza, ya tambayi kansa wace cuta rashin ya jawo wa wane mutum, sai ya rubuta wannan amsar a madadinta. Wannan ya shafi kowane irin rahoto. Ƙungiyar masu wake da ta rubuta rashin sito a matsayin matsalarta ta ɓoye ainihin abin, wanda shi ne ƙwari na cinye wake kafin farashi ya tashi. Kuma wannan yana da magani fiye da ɗaya, har da buhu mai ninki uku da ba ya buƙatar gini.

Bayan an kafa matsala sai a dawo shimfiɗa, kuma aikin da ke nan yawancinsa na ragewa ne. An saba ganin rahoton da ya fara da cewa an ƙirƙiri jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ya jera ƙananan hukumominta 14, ya faɗi iyakarta da Nijar, har shafi ya cika ba a zo kan magana ba. Malamai da yawa ma sukan yi shiru a kan wannan, watakila don haka aka koya musu su ma. Ma'aunin shigar jimla cikin shimfiɗa guda ɗaya ne: idan an cire ta, mai karatu zai kasa gane yadda matsalar ta taso? A al'amarin dalma abubuwa uku ne suka ci wannan jarrabawa. Na farko, farashin zinariya ya tashi sosai a kasuwar duniya a shekarun da suka gabaci 2010, har manoma da yawa suka koma haƙa. Na biyu, dutsen da ake samu a wasu ramukan yankin yana da dalma mai yawa a cikinsa. Na uku, ana kai dutsen cikin gari da cikin gidaje a daka a turmi ko a niƙa shi a busasshe da injin niƙa, mata da yara na kusa. Idan aka cire ɗaya daga cikin ukun nan, labarin ba zai tsaya ba. Ranar ƙirƙirar jiha kuwa ko an cire ta babu abin da ya ragu.

Nahawun Hausa kansa yana taimakawa wajen raba shimfiɗa da abin da ke biye. Jimlolin shimfiɗa sukan zo da sigar abin da aka saba ko ake cikin yi: ana niƙawa, sukan kawo, suna haƙa. Da zarar jimla ta koma suka yi ko aka yi, to yawanci ta shiga labarin aukuwa, kuma gidanta matsala ne ko mataki. Ba doka ce marar togiya ba, amma takan kama kuskure da yawa a karatun farko.

Jimlar hana haƙar ma'adinai tana koyar da wani abu dabam, wato iyakar al'amari. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, amma dalilin da ta bayar shi ne matsalar 'yan bindiga. Mai ba da labari ya haɗa su ne domin duka biyun sun shafi zinariya kuma a jiha ɗaya suka faru. Idan aka sa wannan haramci a gidan mataki, mai karatu zai ɗauka saboda dalma aka yi shi. Don haka jimlar ba ta shiga ko ɗaya daga gidaje huɗun. Ta wani rahoto ce. Kafin a fara zuba jimloli, yana da kyau mai rubutu ya rubuta wa kansa a saman takarda inda al'amarin ya fara da inda ya tsaya, a wuri da a lokaci. A nan, ƙauyuka takwas ne na Anka da Bukkuyum, daga 2010 zuwa 2013.

Gidan mataki shi ne ya fi tsawo, kuma cutarsa ita ce kalmar an. Hausa tana ba mai magana damar ya ce an kwashe, an ba da, an gyara, ba tare da ya ambaci wanda ya yi ba, kuma a hira wannan ladabi ne. A rahoto kuwa ɓoye bayani ne, domin wanda ke son maimaita aikin yana buƙatar sanin wa zai kira. Jimlar Turawa suka zo suka kwashe ƙasa idan aka warware ta sai ta zama ayyuka da dama na mutane dabam-dabam. Ƙungiyar MSF ce ta lura da mace-macen a watan Maris na 2010, lokacin da ma'aikatanta ke sintirin neman sanƙarau, kuma ita ta ɗauki nauyin jinya da wani maganin sha mai suna DMSA, wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Kamfanin TerraGraphics na Amurka tare da cibiyar Blacksmith da Ma'aikatar Muhalli ta jiha suka tsara share ƙasa, amma mutanen ƙauyukan ne suka yi yawancin aikin da hannunsu, da fartanya da shebur da baro: a kankare saman ƙasar gida, a kai ta ramin da aka tanada a binne, a zuba sabuwa mai tsabta. Sarakuna da dagatai suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Mai ba da labari ya manta da wannan na ƙarshe kwata-kwata, alhali ba don shi ba da gidan da aka share ya sake gurɓata cikin 'yan makonni.

Jeri ma yana da muhimmanci a nan, kuma wannan ne gida ɗaya tilo da ake bin lokaci sau da ƙafa. An share Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Aka bi da ƙauyuka biyar, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza, daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin a farkon shekarar, sakamakon matsin lamba daga ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch da gangamin matasa na Follow The Money. Matashin da ke son rahotonsa ya yi kyau yakan so ya goge irin wannan jinkiri. Bai kamata ba. Jinkirin shekara biyu wani ɓangare ne na abin da ya faru, kuma shi ne darasin da ya fi amfani ga wanda zai tsara irin aikin nan gaba, domin ya nuna cewa abin da ya tsayar da aiki kuɗi ne, ilimin yinsa yana nan tun farko.

Saura jimlar nan ta an ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, aka ba da magani ba sauƙi. Tana iya shiga gida biyu, kuma mai rubutu ne zai zaɓa bisa wanda zai karanta. Idan ma'aikatan asibiti ne, gidanta matsala, domin tana nuna musu alamar da za su gane cutar da ita: jijjigar yara da yawa a ƙauye ɗaya da ba ta jin maganin zazzaɓi. Idan masu ba da kuɗi ne, tana iya zama farkon mataki, a matsayin ƙoƙarin da aka fara yi bai ci ba. Abin da ba a so shi ne a rubuta ta sau biyu.

Sakamako shi ne inda rahotanni da yawa ke faɗuwa, domin ana cika shi da ayyukan da aka yi. Masu aikin share ƙasar sun wallafa cewa an kwashe kimanin kubik mita 27,000 na gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje da wuraren niƙa 820, kuma yara 2,349 sun sha maganin fitar da dalma. Alƙaluma ne manya masu burgewa, hannu yakan so ya kai su ƙarshen takarda. Amma dukansu na mataki ne, domin suna faɗin yawan aikin da aka yi. Sakamako dole ya amsa da irin ma'aunin da aka faɗi matsala da shi. Tunda an auna matsalar da yawan dalma a jinin yara, to da shi za a auna sakamako, kuma akwai adadin: matsakaicin dalma a jinin ƙananan yaran ya sauko daga maikurogiram 149 zuwa 15 a kowace desilita cikin shekaru huɗu na aikin. Hanya mafi sauƙi ta bincika wannan ita ce a naɗe takardar yadda matsala da sakamako za su zo kusa da juna, a karanta su a jere ba tare da matakin ba. Idan ɗaya na maganar yara ɗaya na maganar ƙasa da baro, to ba su haɗu ba.

Ko wannan adadi mai kyau yana buƙatar a yi masa shinge, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Yaron da ke da shekara huɗu a 2010 ya fita daga rukunin ƙananan yara kafin 2013, an kuma haifi wasu a gidajen da aka riga aka share. Don haka 149 da 15 ba lallai ne jinin yara ɗaya ba, hoton al'umma ne a lokaci biyu. Sannan matakai uku aka ɗauka kusan tare, fitar da niƙa, share ƙasa da magani, saboda haka rahoto ba zai iya jingina saukowar ga ɗaya kaɗai ba. Mai rubutun da ke aiki da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin zai ji sha'awar ya ba tasa duka ladan. Kalmar bayan ta fi kalmar saboda aminci idan ba a da hujjar rarrabewa. Haka kuma 15 ba lafiya ba ce, domin ta wuce 10 da ake ɗauka abin damuwa a farkon aikin, kuma illar da dalma ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro magani ba ya mayar da ita. Waɗannan duka na gidan sakamako ne, a ƙarƙashin abin da ya rage.

Idan aka haɗa duka, rahoton zai iya tsayawa a ƙasa da rabin shafi, kamar haka.

Shimfiɗa. Tashin farashin zinariya kafin 2010 ya sa manoma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun koma haƙa. Dutsen yana da dalma mai yawa, kuma ana daka shi ana niƙa shi a busasshe a cikin gidaje.

Matsala. Ƙurar dutsen ta gurɓata ƙasar gidaje. A Dareta da 'Yargalma yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar suka rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna buƙatar magani. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu a yankin baki ɗaya.

Mataki. MSF ta gano cutar a 2010 ta kuma yi wa yara 2,349 jinya da DMSA. Sarakuna suka fitar da niƙa daga cikin gari. TerraGraphics da Blacksmith da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, da ma'aikata daga ƙauyukan, suka share gidaje da wuraren niƙa 820 a ƙauyuka takwas: biyu a 2010, biyar zuwa 2011, Bagega a 2013 bayan jinkirin sakin kuɗi.

Sakamako. Matsakaicin dalma a jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekaru huɗu. Adadin bai kai matakin aminci ba, wasu yaran sun tsira da nakasa ta dindindin, kuma gida na iya sake gurɓata idan niƙa ya dawo cikinsa.

Wanda ya kwatanta wannan da labarin farko zai ga an samu abu an kuma rasa abu. An rasa tsoron iyaye, da watannin da aka yi ba a san me ke kashe yara ba, da ɓacin ran mutanen Bagega. Tsarin gida huɗu yana sa al'amari ya yi kama da wanda aka san hanyarsa tun farko, alhali masu aikin lalube suka yi. Saboda haka ba a yaga labarin asali bayan an tsara shi. Ana ajiye shi, ko a liƙa shi a bayan rahoto, bayan an cire sunayen marasa lafiya da na iyayensu da duk abin da zai sa a gane gidansu. Idan wata jimla a rahoton ta jawo tambaya, a can za a koma a duba daga ina ta fito. Kuma duk adadin da bai fito daga bakin mai labari ba, kamar 118 da 463, mai rubutu ya san takardar da ya ɗauko shi. Wanda bai samu ba ya bar gurbinsa, kada ya cike da kintace.

Ba kowane al'amari ne ya kai ga sakamako ba a lokacin da ake rubuta shi, kuma wannan yanayi ne da matasan arewacin Zamfara za su fi cin karo da shi. A watan Yunin 2024 MSF tare da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a wurare 21 na Shinkafi da Zurmi, suka samu kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa, kashi 5 kuma mai tsanani. Mai aikin sa-kai da ya yi makonni yana ɗaura tef a damtsen yara zai ji kamar wannan adadi shi ne sakamakon aikinsa. A rahoton da batunsa shi ne aikin awon kansa, haka ne. Amma a rahoton da batunsa tamowa ce, adadin na gidan matsala ne, awon kuma mataki ne na farko. Yawan yaran da aka kwantar da yawan ledar abincin gyaɗa da aka raba su ma mataki ne. Sakamako a aikin tamowa yana da ma'auninsa da aka yarda da shi a ayyukan jinƙai na duniya: cikin yaran da suka fita daga shirin, waɗanda suka warke su wuce kashi 75 cikin ɗari, waɗanda suka rasu su gaza kashi 10, waɗanda iyayensu suka daina kawo su su gaza kashi 15. Na ukun nan ya fi muhimmanci a yankin da hanya ba ta da tsaro, domin uwar da ba ta dawo da ɗanta ba watakila hanyar ce ta hana ta, kuma rahoton da ya ƙirga waɗanda suka warke kaɗai zai ɓoye ta. Idan waɗannan alƙaluma ba su fito ba tukuna, abin da ake rubutawa a gidan sakamako shi ne aikin na gudana, sai a faɗi ma'auni ukun da za a duba, da rajistar da za a ɗauko su, da watan da za a dawo a cike gurbin.